Shirya Darasin Labarin Ƙasa da Taswirar Harabar Makaranta: Misali Daga Binciken Hanyar Ruwan Sama

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda malamin Labarin Ƙasa zai shirya darasi guda wanda zai fitar da ɗalibai daga cikin aji zuwa harabar makarantarsu, da taswira a hannu, su yi bincike na gani da ido. Taswirar da ɗalibi ya fi cin karo da ita a darasin karatun taswira ita ce mai ma'aunin 1:50,000, wadda santimita 2 a kanta ke wakiltar kilomita 1 a ƙasa. A irin wannan taswira, makarantar da tsawonta ya kai mita 200 ba ta wuce milimita 4, wato ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ke nan muna fara wa yaro karatun taswira da wurin da bai taɓa takawa ba, a kan ma'aunin da ba shi da hanyar gwada gaskiyarsa. Harabar makaranta kuwa ya san ta lungu-lungu, kuma duk abin da aka zana yana iya zuwa ya taɓa shi da hannunsa.

Ra'ayin da muke son mu tsayar a nan ɗaya ne. Darasin ba ya yin armashi sai an gina shi a kan tambaya guda wadda ba za ta amsu ba sai da taswirar. Domin mu nuna haka, za mu bi misali ɗaya tun daga shirin malami har zuwa duba aikin ɗalibai.

2.0 TAMBAYAR DA DARASIN ZAI AMSA

Sau da yawa idan muka duba tsarin darasin malamai masu koyon aiki, mukan tarar an rubuta manufa kamar haka: ɗalibai za su zagaya makaranta su zana abin da suka gani. Wannan yawo ne, ba bincike ba. Yaro zai dawo da hoton tuta da motar shugaban makaranta, kuma malamin ba shi da mizanin da zai ce wannan ya yi daidai, wancan ya kuskure.

Tambayar da ta dace tana da siffofi uku. Ta farko, amsarta tana sauyawa daga wuri zuwa wuri a cikin harabar, domin abin da yake iri ɗaya ko'ina ba ya bukatar taswira. Ta biyu, ana iya ganin abin ko a auna shi da kayan da makaranta ke da su. Ta uku, aikin zai ƙare a cikin lokacin da jadawali ya bayar.

Tambayar da muka zaɓa ita ce: idan an yi ruwan sama, ina ruwan ke bi a harabarmu, kuma me ya sa ƙasa ke zaizayewa a wani wuri, ba ta zaizayewa a wani? Kusan kowace makaranta tana da ɗan kwazazzabo a gefen hanya, ko gindin ginin da ruwa ya tone. Daga wannan tambaya sai manufar darasin ta fito sarai: a ƙarshen aikin ɗalibi zai iya daidaita taswira da jihohin ƙasa, ya sa abin da ya gani a gurbinsa a kan taswirar, ya kuma yi amfani da ita ya bayyana dalilin zaizayar.

Makarantar da za mu buga misali da ita, mu ɗauka harabarta tana da mita 200 daga yamma zuwa gabas, da mita 160 daga kudu zuwa arewa. Ɓangaren arewa ya ɗan fi tudu, ƙofar shiga kuma tana kudu. Ajin shi ne na farko a babbar sakandare, mai ɗalibai 48. Duk alƙaluman da za su biyo baya na wannan misali ne.

3.0 TASWIRAR TUSHE

Abin da muke kira taswirar tushe shi ne zanen da malami zai shirya da kansa tun kafin ranar darasi, mai ɗauke da abubuwan da ba sa motsi kaɗai. Ba mu ga hikimar a ɗora wa ɗalibai zana ta daga farko a wannan darasi ba, domin auna haraba sukutum zai cinye lokacin gaba ɗaya, a tashi ba a taɓa tambayar ba.

3.1 Zaɓen Ma'auni

Girman takarda da girman haraba su ne ke yanke ma'auni. Takardar da aka saba bugawa a ofis faɗinta santimita 21 ne, tsawonta kuma kusan santimita 30. Idan muka ɗauki ma'aunin 1:1,000, santimita 1 ya zama mita 10, harabar kuma ta fito santimita 20 da santimita 16. Ta shiga takardar ke nan idan an kwantar da ita, har an sami rara a gefe don suna, da kibiyar arewa, da bayanin alamomi. Wani amfanin wannan ma'auni shi ne sauƙin lissafi, domin milimita 1 a kan rula daidai yake da mita 1 a ƙasa.

Amma wannan sauƙi yana tafe da iyaka wadda ya kamata malami ya sani. Kaurin layin fensir da ba a fiƙe sosai ba yakan kusa milimita 1, wato mita guda cur. Saboda haka ɓata lokaci ne a tsaya auna gini har zuwa santimita. Haka kuma kwazazzabon da faɗinsa bai kai mita ba, ba zai zanu bisa ma'auni ba, sai dai a nuna shi da alama, a rubuta ainihin faɗinsa a gefe.

Wajibi ne kuma a zana ma'aunin layi a gindin taswirar, wato layi mai santimita 5 da aka yanka gida biyar, aka rubuta 0 zuwa mita 50. Dalili shi ne, idan aka kai taswirar wurin fotokwafi aka ƙara mata girma ko aka rage, rubutun 1:1,000 ya zama ƙarya nan take, amma layin yana girma ko ya ƙanƙance tare da zanen, sai ya ci gaba da faɗin gaskiya.

3.2 Yadda Malami Zai Auna

Da tef ɗin awo mai mita 30 ko 50, da ɗalibai biyu ko uku masu taimako, yammaci biyu sun isa. A fara da katanga ko shingen da ya fi tsawo kuma ya fi miƙewa, a mai da shi layin tushe, a zana shi tukuna. Daga nan kowace kusurwar gini a auna nisanta daga wurare biyu da aka riga aka sa a takarda. Inda nisan biyu suka haɗu, nan ne gurbin kusurwar. Kada a ɗauka cewa kowace haraba kusurwoyinta a miƙe suke. Hanyar gwadawa ita ce wadda magina ke bi: a auna mita 3 a jikin bango ɗaya, mita 4 a jikin ɗayan, idan tsakanin alamun biyu ya ba da mita 5, kusurwar ta tsaya daidai.

Hoton tauraron ɗan'adam da ake samu a wayar hannu yana taimaka wa malami ya duba ko siffar da ya zana ta yi kama da ta gaskiya. Sai dai a tuna cewa bishiyoyi kan rufe gine-gine a hoton, kuma mai yiwuwa ne an ɗauke shi tun kafin a yi sabon gini.

3.3 Abin da Za a Sa da Abin da Za a Bari

A sa katanga, da ƙofa, da gine-gine, da rijiya ko famfo, da manyan bishiyoyi uku ko huɗu da kowa ya sani, kamar tsohuwar tsamiya ko layin darbejiya. Waɗannan su ne madogarar da ɗalibi zai gane inda yake tsaye. Amma kwazazzabo, da hanyoyin ƙafa, da ciyawa, da wuraren da ruwa ke kwanciya, duk a bar su. Su ne abin nema, idan malami ya zana su ya riga ya ba da amsa.

A ƙarshe a raba taswirar gida-gida kamar dara, kowane gida santimita 2 ta kowane gefe, wato mita 20. Za a sami layi 10 daga yamma zuwa gabas, a sa musu baƙaƙe daga A zuwa J, da layi 8 daga kudu zuwa arewa, a sa musu lambobi daga 1 zuwa 8. Gidaje 80 ke nan, kowanne murabba'in mita 400. A saba wa ɗalibai da fara kiran baƙi kafin lamba, kamar G4, domin haka za su yi nan gaba a babbar taswira, inda ake fara karanta layin gabas kafin na arewa.

4.0 GANO AREWA

Taswirar da ba a daidaita ta da jihohin ƙasa ba ɓatar da mai riƙe da ita take yi, saboda haka wannan mataki ya cancanci mu ɗan dakata a kansa. Akwai tarko uku da malamai kan faɗa a ƙasarmu.

Na farko shi ne dogara da mafitar rana. A wuri kamar Kano, wanda ke wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana tana fitowa daga gabas sak ne kawai a wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba. A watan Yuni takan karkata wajen digiri 24 zuwa arewa, a Disamba kuma ta karkata kamar haka zuwa kudu.

Na biyu shi ne ƙa'idar da ke cikin littattafan da aka rubuta don ƙasashen Turai, cewa inuwar tsakar rana arewa take nunawa. A can haka ne duk shekara, amma a Kano rana takan tsaya tsaka a kan mutum sau biyu, wajen ƙarshen Afrilu da kuma bayan tsakiyar Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa. Wannan kuwa ya haɗa da babban ɓangare na damina, lokacin da ya fi dacewa da darasin namu.

Na uku shi ne masallacin makaranta. A bakin Bahaushe fuskantar alƙibla shi ne fuskantar gabas, don haka ɗalibai za su nuna masallaci su ce ga gabas. Alhali kuwa daga Kano alƙibla tana wajen digiri 22 arewa da gabas ta ainihi. Wannan dama ce mai kyau ta koyarwa: a yaba wa ɗaliban da suka kawo shawarar, sannan a nuna musu bambancin a kan taswira.

Hanyar da ba ta kuskure a kowane wata ita ce ta inuwa biyu. A kafa sanda a tsaye a fili mai shafe. Da hantsi a sa alama a ƙarshen inuwarta, a ɗaura igiya a gindin sandar a zana da'ira da ta bi ta kan alamar. Inuwar za ta yi ta raguwa, bayan rana ta karya kuma ta soma tsawo. Lokacin da ƙarshenta ya sake taɓa da'irar, a sa alama ta biyu. Layin da ya haɗa alamun biyu shi ne layin yamma da gabas, alamar safe ce ke yamma, wanda ya gicciye shi kuma shi ne na kudu da arewa. Malami ya yi wannan kwana ɗaya kafin darasi, ya tabbatar da layin da farar ƙasa ko jerin duwatsu a filin taro. Idan akwai kamfas a yi amfani da shi, amma a yi nesa da rufin kwano, da ƙofar ƙarfe, da tankin ruwa, domin ƙarfe yana jan allurarsa.

5.0 TSARIN DARASIN

Mun raba aikin zama uku: minti 40 na shiri, minti 80 na fita fili, da minti 40 na nazari. Lokacin da ya fi kyau a fita shi ne safiyar da ta biyo bayan ruwan dare, kafin ƙafafu su tattake alamun, saboda haka malami ya shirya zama na farko da wuri, ya kuma nemi izinin shugaban makaranta na musanya lokaci da wani malami idan ruwan ya sauka.

5.1 Zama na Farko: Shiri

A raba wa kowa taswirar tushe. Minti goma na farko a yi wasan nema: malami ya kira gida, a ce D6, ɗalibai su faɗi abin da ke wurin. Sannan a rubuta tambayar a allo, a nemi kowace ƙungiya ta rubuta hasashenta kan inda ruwa ke fita da dalilin zaizaya, malami ya karɓa ya ajiye. Bayan haka aji duka ya amince da alamomi iri ɗaya: kibiya don hanyar ruwa, layi mai haƙora don kwazazzabo, da baƙi ɗaya don kowane irin abin da ya rufe ƙasa, wato R don rufi ko siminti, T don tsirarar ƙasa, C don ciyawa ko gona, B don inuwar bishiya.

Minti goma sha biyar na ƙarshe na awon taku ne. A ja layi mai mita 20 a gaban aji, kowane ɗalibi ya taka shi sau biyu da tafiyarsa ta yau da kullum, ya ƙirga. Wanda ya sami taku 28, to taku 14 nasa su ne mita 10, wato santimita 1 a taswira. Wanda ya sami 25, takunsa ɗaya santimita 80 ne. Kowa ya rubuta nasa a saman takardarsa. Wannan ne zai maye gurbin tef, tun da ba kowace ƙungiya za ta sami tef ba.

5.2 Zama na Biyu: Fita Fili

Ɗalibai 48 sun ba da ƙungiya 8 ta mutum shida-shida, gidaje 80 kuma sun ba kowace ƙungiya gida 10. A cikin ƙungiya kowa da aikinsa: mai riƙe taswira yana daidaita ta, mai taku, mai rubutu, masu duba ƙasa biyu, da mai kula da lokaci. Ɗalibin da tafiya ke yi wa wuya a ba shi rubutu ko lokaci. A lura kada maza su kame aikin awo su bar wa mata rubutu kaɗai.

Minti goma na farko kowa ya taru a kan layin arewa da aka shata, a juya takarda har kibiyarta ta bi layin, sannan a tabbatar ta hanyar nuna gine-gine biyu da ke daidai inda taswira ta ce. A nan ne kuma za a yi gargaɗi: kada a kutsa cikin doguwar ciyawa saboda maciji, kada a tsaya a bakin kwazazzabo ko rijiya, kada a yi hayaniya kusa da ajin da ake karatu.

Minti hamsin na tsakiya su ne na aikin. A kowane gida ƙungiya za ta rubuta baƙin abin da ya fi yawa a wurin, ta kuma ja kibiyar ruwa. Ruwan ya riga ya wuce, amma ya bar sawu, kuma sai an koya wa ɗalibai karanta sawun: lallausan yashi da ya kwanta kamar an share, da karare da ledoji da suka maƙale a gefe ɗaya na tushen ciyawa, da saiwoyin da suka fito fili, da ƙananan tsakuwoyi da ke zaune a kan ɗan tudun ƙasa bayan ruwa ya kwashe ta kewayensu. Inda aka yi gardama, a zuba bokitin ruwa a hankali a ga inda ya nufa.

Ƙungiyoyin da kwazazzabo ya faɗo a rabonsu za su auna zurfinsa kowane mita 10, ta hanyar gicciya sanda a bakinsa a auna daga sandar zuwa ƙasa. Waɗanda gini ya faɗo a nasu za su auna tsawo da faɗin rufin daga ƙasa, suna bin layin da ɗigar ruwa ta tona. Minti ashirin na ƙarshe a dawo, a ƙirga ɗalibai da kayan aiki, kowace ƙungiya ta gyara zanenta tun abin bai gushe mata ba.

5.3 Zama na Uku: Nazari

Malami ya zana taswirar a allo ko a babban kwali, da gidajenta 80, kowace ƙungiya ta zo ta cika nata. A wannan lokaci ne abin da ba wanda ya gani shi kaɗai ke bayyana ga kowa.

6.0 ABIN DA TASWIRAR TA NUNA

A ce da aka ƙirga an sami T a gida 36, C a gida 24, B a gida 12, R a gida 8. Tsirarar ƙasa ke nan ta kai kashi 45 cikin ɗari na harabar. Kibiyoyin kuma sun nuna ruwa daga filin taro da na jerin azuzuwan da ke F6 da G6 yana haɗuwa a G5, ya bi hanyar ƙafa da ta miƙe kudu zuwa ƙofa. Kwazazzabon ya fara a G4 da zurfin santimita 15, sai 30, sai 55, har ya kai 80 kusa da G2. A gidajen B da C da ke yamma kuwa, inda gonar makaranta take, gangaren kusan ɗaya ne amma babu kwazazzabo.

Yanzu sai a tambayi aji yawan ruwan da rufin nan ke zubarwa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 shi ne lita 1. Rufin tsawonsa mita 40, faɗinsa mita 10, murabba'in mita 400 ke nan. Ruwa mai milimita 25, wanda ba abin mamaki ba ne a dare ɗaya a tsakiyar damina, zai ba da lita 10,000, wato cikin duro 50 mai lita 200. Tun da rufin ya gangara gefe biyu, rabi ne, duro 25, ke sauka ta kudu, a kan ƙasar da ƙafafu suka daddale har ba ta shan ruwa sosai.

Da wannan ɗalibai za su iya harhaɗa bayanin da kansu. Kwano ba ya shan ruwa ko kaɗan. Ƙasar da aka tattake kaɗan take sha. Hanyar ƙafa ta zama magudana domin ta ɗan fi gefenta zurfi, kuma ta bi gangare kai tsaye. Ruwa yana ƙaruwa yayin da yake gangarawa, shi ya sa zurfin ke ƙaruwa ta kudu. A gona kuwa ganye yana tare ƙarfin ɗigo, saiwa tana riƙe ƙasa, kunya tana tsai da ruwa har ya nutse. Sai a fito da hasashen da aka rubuta a zama na farko a gwada. Aikin gida shi ne kowa ya nuna a taswirarsa wuri ɗaya da zai gyara, ya faɗi dalili da sunan gidan. Amsa mai kyau za ta koma G5 ko gindin rufin, domin can ne tushen matsalar, ba inda ramin ya fi zurfi ba.

7.0 KURAKURAI DA YADDA AKE GANE SU

Idan kibiyoyin ƙungiya guda duk sun juya wa na maƙwabtanta baya, da wuya ruwan ne ya yi haka. Ƙungiyar ta riƙe taswira a juye ne. A tambaye su ginin da ke damansu lokacin da suke aiki, amsar za ta tona asirin.

Idan abu ya faɗa gidan da ba nasa ba, a duba taku. Taku 56 na ɗalibin farko mita 40 ne, amma na ɗalibi na biyu kusan mita 45 ne. Idan wani ya taka, aka yi lissafi da awon wani, an sami kuskuren rabin santimita a takarda. Maganinsa shi ne kowace ƙungiya ta fara gwada mai takunta a jikin ginin da tsawonsa ke kan taswira.

Idan kibiyoyi ba su haɗu ba a iyakar ƙungiya biyu, kada malami ya gyara musu a allo. Ya tura mutum ɗaya daga kowace ƙungiya da bokitin ruwa su je su gani. Gani ya kori ji, kuma wannan ne lokacin da ɗalibi ke fahimtar cewa ƙasa ce alƙalin taswira.

Idan kuwa zanen wani ya yi kyau ƙwarai, babu gogewa babu ƙura, kuma ya yi daidai da na abokinsa har da kuskure, to kwafa aka yi. Wajen ba da maki muna ganin a fi ba da ƙarfi ga sa abu a gurbinsa, da bin alamomin da aka amince, da bayanin da ya ambaci gidajen taswira, sama da kyawun zane.

8.0 KAMMALAWA

Ya kamata malami ya san iyakar wannan darasi, ya kuma sanar da ɗalibai. Kibiya tana nuna inda ruwa ya nufa, amma ba ta nuna tsayin ƙasa, saboda haka ba ta maye gurbin darasin layukan tudu da kwari, sai dai ta share masa hanya. Awon rana ɗaya ba ya faɗin saurin zaizaya. Wanda ke son sanin haka sai ya kafa turke mita 2 daga kan kwazazzabon, a sake aunawa a ƙarshen damina, a ajiye taswirar da kwanan wata a jikinta domin ajin baɗi ya gwada da tasa. Haka kuma abin da aka gani a kan jigawa ba lalle ne ya zama haka a ƙasa mai laka ko marmara ba.

Taswirar tushe kuwa, da zarar an yi ta, ta zama jarin makaranta. Da ita za a binciki inda inuwa ke faɗuwa a sa'o'i daban-daban, ko inda shara ke taruwa, ba tare da an sake awo ba. Shawararmu ga 'yan'uwa malaman kwalejojin ilimi ita ce, kada ɗalibinmu ya tafi koyon aikin koyarwa sai ya auna wani ɓangare na harabar kwalejin da hannunsa, ya shata layin arewa da inuwa, ya kuma rubuta tambaya guda da taswirarsa za ta amsa. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gwada tsarin a makarantun da ke kusa da su, su kawo mana gyara. Allah ya sa mu dace.